Yadda ake tantance mai neman haya ta waya kafin a sa masa ranar ganin gida

Duk wanda ya sa tallar gidan haya zai ga kira yana shigo masa babu ƙaƙƙautawa a kwanakin farko, kuma abin da yake fara zuwa ran wanda bai saba da harkar ba shi ne ya ce wa kowa ya zo ya gani da idonsa. Sai dai kowane zuwa ganin gida yana cin wajen sa'a guda idan an haɗa da tafiya da jira, kuma da yawa daga cikin masu zuwan sukan juya ne saboda dalilin da tambaya ɗaya a waya ta isa ta fito da shi, ko dai ranar da suke son tarewa ba ta yi daidai da ranar da gidan zai zama babu kowa ba, ko yawansu ya fi ƙarfin ɗakunan, ko kuwa kuɗin da ake bukata kafin a miƙa makulli bai kammala a hannunsu ba. Hirar minti goma zuwa goma sha biyar tana raba ka da wannan wahala, ta kuma raba mai neman da asarar kuɗin mota da ta lokacinsa. Aikin hirar guda ɗaya ne, wato gano inda bukatar mai kira ta saɓa da sharuɗɗan gidanka. Hukuncin wanda za a ba gidan yana zuwa ne daga baya, bayan an ga takardu an kuma tabbatar da abin da aka faɗa da baki.

Abubuwan da za ka tanada

Na farko, kuma mafi muhimmanci, shi ne takardar sharuɗɗanka, wadda za ka rubuta tun kafin wayar farko ta shigo. A cikinta ka sa kuɗin haya da yadda ake biyansa, kuɗin ajiya da ake riƙewa saboda ɓarna, ranar da za a iya shiga gidan, iyakar yawan mutanen da gidan zai ɗauka, mafi ƙarancin kuɗin shigar da kake son ɗan haya ya kasance yana samu, tsawon yarjejeniya, da matsayinka a kan dabbobi da shan taba da yin sana'a a cikin gida. Dalilin rubuta su da wuri shi ne, idan ka bari sai kana cikin hira, daɗin bakin mai kira ko rashinsa ne zai riƙa yanke maka hukunci, sai ka sassauta wa wanda ya iya magana ka tsaurara wa mai jin nauyi.

Na biyu, takardar tambayoyi mai fili a ƙarƙashin kowace tambaya, shafi ɗaya ga kowane mai kira, da wurin rubuta sunansa da lambarsa da ranar da aka yi magana. Idan babu halin buga ta, littafin rubutu ya wadatar, a ware wa kowa shafinsa. Na uku, kalanda da ka riga ka ware ranaku biyu ko uku na nuna gida a cikinta. Idan da hali ka keɓe wa wannan aiki layin waya na daban, domin lambar da aka sa a talla takan ci gaba da karɓar kira bayan an daɗe da ba da gidan. A ƙarshe, ka san abin da dokar haya ta inda gidanka yake ta ce game da iyakar kuɗin ajiya, da abin da aka hana tambaya, da naɗar murya. A wurare da dama ba a yarda a naɗi hirar waya ba tare da sanin ɗaya ɓangaren ba, don haka rubutu da hannu ya fi zama lafiya.

Mataki na 1: Buɗe hira da faɗin abin da ba ya canzawa

Bayan gaisuwa, ka nemi sunan mai kira da inda ya ga tallar, sannan ka nemi izininsa a fili: "Malam, kafin mu sa ranar ganin gidan ina da 'yan tambayoyin da nake yi wa duk wanda ya kira, ba za su wuce minti goma ba. Kana da sarari yanzu, ko in kira ka anjima?" Kalmar "duk wanda ya kira" tana da amfani ƙwarai, domin tana cire masa zaton cewa shi kaɗai ake tuhuma. Idan yana kan hanya ko cikin hayaniya, gara a sa wani lokaci, saboda amsar da aka bayar cikin gaggawa takan canza daga baya.

Daga nan ka karanta masa bayanin gidan a taƙaice: yawan ɗakuna, hawa na nawa ne, kuɗin haya, kuɗin ajiya, da abin da ɗan haya zai riƙa biya da kansa kamar wuta da ruwa. Kada ka ɗauka ya karanta tallar har ƙarshe, domin mai neman gida yakan kira wurare da yawa a yini ɗaya har su cakuɗe masa. Ka rufe da tambaya: "Wannan ya yi daidai da abin da kake nema?" Wasu kiran a nan suke ƙarewa, cikin mutunci, ba tare da an ɓata wa kowa rai ba.

Mataki na 2: Yaushe kake son tarewa?

Wannan ce tambayar da ta fi kowace sauƙin amsawa, shi ya sa take zuwa da wuri. Ka bar shi ya faɗi ranarsa kafin ka faɗi taka. Idan gidanka zai zama a shirye a farkon wata mai zuwa shi kuma sai bayan wata uku, to ka lissafa cewa hayar wata biyu ce za ka rasa idan ka jira shi. Ka bi ta da tambaya ta biyu: "Ka riga ka sanar da mai gidan da kake ciki cewa za ka tashi, kuma kwana nawa yarjejeniyarku ta ce a ba da sanarwa?" Wanda ya ce yana son shiga nan da mako guda alhali bai sanar da mai gidansa ba, ko dai zai biya haya biyu a lokaci ɗaya, ko kuma yana shirin ficewa ne ba sallama, kuma yadda ya rabu da wancan haka zai rabu da kai. Wanda ya ce gobe-gobe yake son shiga ba lallai ne mai matsala ba ne, domin canjin wurin aiki ko gobara ko ambaliya suna tayar da mutum ba shiri, amma gaggawar tana bukatar bayani, kuma tambaya ta gaba ce za ta kawo shi.

Mataki na 3: Me ya sa za ka bar inda kake?

A nan ne ya kamata ka rage magana ka ƙara saurare. Ka yi tambayar a buɗe: "Tun yaushe kake zaune a gidan da kake yanzu, kuma me ya sa kake son tashi?" Sannan ka yi shiru. Kuskuren da sababbi suka fi yi shi ne su sa wa mai kira amsa a baki, su ce "gidan ne ya yi muku kaɗan, ko?", shi kuma ya amsa da e, magana ta mutu ba a ji komai ba.

Yawancin amsoshi na yau da kullum ne, kamar ƙaruwar iyali, neman kusanci da wurin aiki ko makarantar yara, ƙarin kuɗin haya, ko sayar da gidan da aka yi. Abin da kake aunawa shi ne ko dalilin ya dace da gidanka. Idan ya ce ƙarin kuɗin haya ne ya kore shi, ka tambaye shi nawa yake biya yanzu, domin idan abin da ya gagare shi bai kai naka ba, to lissafin bai fita ba tun daga tushe. Idan ya ce nisan wurin aiki ne, ka tambayi inda yake aiki ka ga ko gidanka ya rage masa tafiyar. Idan ya ce hayaniya ce ta dame shi kuma gidanka a bakin babban titi yake, ka gaya masa gaskiya tun yanzu, domin in ka ɓoye, wata shida ba za su cika ba zai dawo maka da ƙorafin da ya bar wa wancan.

Amsar da ta fi bukatar natsuwa ita ce ta wanda ya ce ya samu saɓani da mai gidansa. Kada ka yanke masa hukunci nan take, domin akwai masu gidajen da rufi zai yi ta yoyo damina guda ba su gyara ba, kuma ɗan hayar da ya gaji da irin wannan yana da gaskiya. Ka nemi ya ba ka labarin: me ya lalace, yaushe ya sanar, me aka ce masa, yaya aka ƙare. Mai gaskiya yakan kawo abu takamaimai, ya ce famfon bayi ya fashe, ya rubuta saƙo sau biyu, ya gyara da kuɗinsa aka ƙi cire masa daga haya. Wanda kuwa ya tsaya a kan "mutumin nan ba shi da kirki" ba tare da misali ba, kuma da ka tambayi gidan da ya zauna kafin wannan ka ji can ma rigima aka yi, to ka rubuta wannan a takardarka ka ja masa layi. Haka ma wanda ya sauya gida uku cikin shekara biyu ba tare da dalilin aiki ko karatu ba.

Mataki na 4: Mutum nawa ne za su zauna a gidan?

Ka tambayi jimillar waɗanda za su riƙa kwana a gidan, da kuma nawa ne manya a cikinsu, saboda kowane baligi ya kamata sunansa ya shiga yarjejeniya. Ka ƙara da cewa: "Akwai wanda ake sa ran zai zo ya zauna tare da ku nan gaba na tsawon lokaci?" Ma'aunin da ake yawan amfani da shi shi ne mutum biyu a kowane ɗakin kwana, amma girman ɗakuna da dokar wurin su ne ke da magana ta ƙarshe. Adadi kawai kake bukata. Dangantakar da ke tsakaninsu ba ta shafi yawan ruwan da za su sha ko nauyin da magudanar gidan za ta ɗauka ba. Ka kuma tabbatar cewa mai kiran shi ne zai zauna, domin wani lokaci dillali ne ko ɗan'uwa yake kira a madadin wani. Idan haka ne, ka nemi lambar ainihin mai shiga ka yi hirar da shi.

Mataki na 5: Maganar kuɗi

Wannan ce tambayar da masu gida suka fi jin nauyin yi, kuma ita ce ta fi kowace hana rigima. Mutum yakan ji kunyar tambayar baƙo albashinsa, amma kunyar minti ɗaya a waya ta fi sauƙi a kan bin bashin haya wata da watanni. Ka fara da sana'a: "Wane aiki kake yi, kuma tun yaushe kake yinsa?" Sannan: "Kusan nawa ne yake shigo wa gidanku a wata, idan an haɗa na duk manyan da za su biya haya?" Ba ka bukatar adadi na ƙwandala, kusan ya isa a wannan mataki. Ka tambaye shi ko abin da ya faɗa kafin a cire haraji ne ko bayan an cire, ka riƙe ma'auni ɗaya ga kowa.

Ƙa'idar da masu gidaje da yawa suke bi ita ce kuɗin shiga ya ninka kuɗin haya sau uku, wato kada haya ta ci fiye da kashi ɗaya bisa uku na abin da mutum yake samu. Idan hayar wata 400 ce, a kowane irin kuɗi ake biya, ana neman mai samun 1,200 a wata. Inda ake biyan hayar shekara a dunƙule, sai ka raba ta gida 12 ka yi lissafin haka nan, kuma ka lura cewa iya biyan shekarar farko ba ya nuna za a iya biyan ta biyu, domin ta farko sau da yawa daga tari ko rance ko taimakon 'yan'uwa take fitowa. Wannan ƙa'ida jagora ce kawai. Mai samun ninki biyu da rabi wanda babu bashi a kansa yana iya fin mai ninki huɗu wanda rabin albashinsa yake tafiya wajen biyan rance, shi ya sa yake da kyau ka tambaya ko akwai wani babban biya da yake yi duk wata.

Daga nan ka faɗi jimillar abin da za a biya ranar sa hannu, ka tambaya kai tsaye: "Hayar farko da kuɗin ajiya sun kama 800. Za su kasance a hannu gaba ɗaya ranar da za a sa hannu?" Ka saurari yadda amsar ta fito. Wanda ya fara neman a raba masa kuɗin ajiya kashi-kashi tun bai ga gidan ba yana gaya maka halin aljihunsa ne, kuma ya rage naka ka duba takardar sharuɗɗanka ka ga ko ka yarda da hakan ga kowa.

Sai kuma tambayar shaida: "Idan gidan ya yi maka, za ka iya kawo takardar albashi ta wata uku na baya?" Ba kowa ne mai albashi ba, kuma bai dace a rufe ƙofa ga ɗan kasuwa ko mai sana'ar hannu don ba shi da wannan takarda ba. Madadinta shi ne bayanin asusun banki na wata uku zuwa shida, ko takardar biyan haraji, ko rasitan hayar da ya biya a shekarar da ta wuce. Wanda ya samu sabon aiki zai iya kawo takardar ɗaukarsa aiki. Ɗalibi ko wanda kuɗin shigarsa bai kai ba zai iya kawo mai tsaya masa, wanda zai sa hannu cewa shi zai biya idan aka gaza, kuma shi ma sai an duba ƙarfinsa kamar yadda aka duba na ɗan hayar. A waya alkawarin kawo takardu kawai kake nema. Kada ka nemi lambar asusu ko hoton katin shaida daga mutumin da bai ma ga gidan ba.

Mataki na 6: Wa zan tambaya game da kai?

Ka ce masa: "Za ka yarda in kira mai gidan da kake ciki da wanda ka zauna a gidansa kafin shi?" Na biyun ya fi amfani, domin mai gida na yanzu idan ya gaji da ɗan haya yana iya yaba shi don kawai ya rabu da shi, amma wanda suka riga suka rabu babu abin da zai samu idan ya ɓoye gaskiya. Ka haɗa da tambayar da mutane suke kauce mata: "An taɓa ba ka takardar tashi, ko ka taɓa makara wajen biyan haya? Idan akwai wani abu da zan ji daga bakinsu, gara in fara ji daga bakinka." A abin da na gani, wanda ya ce ya taɓa makara wata biyu lokacin da ya rasa aiki, ya biya daga baya kuma yana da rasit, ya fi kwantar da hankali a kan wanda ya ce bai taɓa ba amma ya kasa tuna lambar ko ɗaya daga cikin masu gidajen da ya zauna. Wanda bai taɓa kama haya ba, kamar matashin da yake barin gidan iyaye, sai a nemi shaidar shugabansa a wurin aiki tare da mai tsaya masa.

Mataki na 7: Yadda za a yi amfani da gidan

Waɗannan gajeru ne, kuma a buɗe ake yinsu. Maimakon ka ce "ba a kiwon dabba a gidan, ba ka da ita, ko?", ka ce "waɗanne dabbobi kake da su?", sannan ka faɗi sharaɗinka bayan ka ji amsa. Haka za ka yi da shan taba, da yawan ababen hawa idan wurin ajiye su ƙayyadadde ne, da sana'ar da za ta riƙa kawo baƙi ko injin mai ƙara ko kaya masu yawa cikin gida. Ka tambayi tsawon lokacin da yake sa ran zama, domin mai neman wata shida bai dace da yarjejeniyar shekara ba. Ka sani cewa a wasu ƙasashe dabbar da take taimaka wa mai nakasa, kamar karen da yake yi wa makaho jagora, ba ta shiga cikin sharaɗin mai gida na hana dabbobi.

Mataki na 8: Tambayoyin da ba a yi

Kada ka tambayi mai kira ƙabilarsa, ko addininsa, ko asalin ƙasarsa, ko yana da wata nakasa ko rashin lafiya, ko matarsa tana da juna biyu, ko suna shirin haihuwa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da yake nuna ko mutum zai biya haya a kan lokaci ya kuma kula da gida, sannan ƙasashe da dama sun haramta hana mutum gida a kansu. Amurka ta kafa dokarta a kan haka a 1968, ta ƙara nakasa da iyali masu yara a 1988, ita kuma Birtaniya ta tattara nata hane-hanen a dokar daidaito ta 2010. Irin waɗannan tambayoyi sukan kutso ne ta hanyar hira, mutum ya ji lafazin mai kira ya ce "kai mutumin ina ne?" da kyakkyawar niyya, amma idan daga baya ka hana shi gidan saboda kuɗin shigarsa, ba zai taɓa yarda cewa kuɗin ne dalili ba. Idan shi da kansa ya kawo irin wannan bayani, kada ka rubuta shi, ka koma kan tambayarka ta gaba.

Misalin kira guda daga farko zuwa ƙarshe

A ce gidan mai ɗakin kwana biyu ne, haya 400 a wata, kuɗin ajiya 400, za a iya shiga ranar 1 ga wata mai zuwa, iyakar mutane huɗu, kuɗin shiga 1,200, yarjejeniyar shekara guda. Wani magidanci ya kira ranar 10 ga wata. Ya ce yana son tarewa ranar 15 ga wata mai zuwa, domin ya ba mai gidansa sanarwa kuma wa'adinsa a ranar zai cika. Ya shekara uku a ɗaki ɗaya da falo yana biyan 300, yara biyu sun fara girma, wurin ya yi musu kaɗan. Su huɗu ne. Albashinsa 950, matarsa kuma tana ɗinki tana samun wajen 400 a wata. Yana da 800 na ranar sa hannu, ya kuma ba da lambar masu gida biyu ba tare da jinkiri ba.

Ga yadda za ka auna shi. Dalilin tashinsa ya dace da gidanka, yawansu bai wuce iyaka ba. Albashinsa shi kaɗai ninki biyu ne da 'yan kai, bai kai 1,200 ba, amma idan an haɗa da na matarsa ya zama 1,350, ya haye. Wannan yana nufin abu biyu: sunan matar zai shiga yarjejeniya, kuma za a bukaci shaidar kuɗin ɗinkin, wato bayanin asusunta na wata shida, tunda irin wannan samu yana hawa yana sauka. Kalmar ɗinki kuma ta buɗe tambayar da ba za ka tsallake ba: "Malam, a gida take ɗinkin ko tana da shago?" Idan ya ce keke ɗaya ne a gida kuma ita take kai wa masu kaya, wannan ba ya damun maƙwabta. Idan kuwa ya ce kekuna uku ne da 'yan koyo da masu zuwa awo, to ya saɓa wa sharaɗin sana'a, kuma a nan ne za a tsaya a tattauna. Saura tazarar kwana 14 tsakanin ranarka da tasa, wadda ta kama kusan rabin hayar wata, wajen 190. Za ka iya haƙura da ita, ko ku raba, ko ka nemi yarjejeniya ta fara ranar 1, amma ka faɗa masa matsayinka a wannan kiran. Idan amsar ɗinkin ta yi daidai, wannan mutum ya cancanci a sa masa rana.

Mataki na 9: Ba shi dama ya tambaya, sannan a rufe

Ka ce masa: "Kai ma akwai abin da kake son sani?" Ka amsa da gaskiya, har da aibin gidan, kamar ƙarancin ruwa a wasu lokuta ko matakala mai tsawo. Tambayoyinsa ma bayani ne. Mai tambayar wanda ake kira idan abu ya lalace da yadda ake mayar da kuɗin ajiya yana tunanin zama ne na gaske, wanda kuwa tambayarsa ta farko ita ce kwana nawa ake ɗaga wa mutum ƙafa idan ya makara, sai ka koma ka sake duba amsarsa ta mataki na 5. Ka yi hattara da mai cewa zai turo kuɗi yanzu ba sai ya ga gidan ba, musamman idan ya ce zai turo fiye da kima ka mayar masa da ragowar, domin wannan sananniyar hanyar damfara ce. Kai ma kada ka karɓi kafin alƙalami daga wanda bai ga gida ba.

Idan bai cika sharaɗi ba, ka gaya masa a take da dalili guda wanda yake rubuce a takardarka: "Malama, gidan mutum huɗu yake ɗauka ku kuma ku shida ne, ba na son ki yi tattaki a banza." Kada ka ce an riga an ba da gidan alhali ba a bayar ba. Idan kana kokwanto, ka ce za ka kira shi kafin yammacin gobe, kuma ka kira ɗin.

Idan ya cika, ka ba shi zaɓin lokaci biyu daga kalandarka, ka nemi duk manyan da za su zauna su zo tare, don kada a sake zuwa karo na biyu saboda wanda bai gani ba. Ka jera masu zuwa a rana ɗaya da tazarar minti 20 zuwa 30 tsakaninsu. Bayan an ajiye waya ka tura masa saƙo mai ɗauke da rana da lokaci da kwatancen wurin da jerin takardun da zai kawo, ka kuma nemi ya tabbatar da zuwansa da safiyar ranar, tare da sanar da shi cewa idan ba ka ji daga gare shi ba za ka ba wani lokacin. Kafin ka ɗauki kira na gaba, ka cike shafinsa ka rubuta hukuncin da ka yanke da dalilinsa, ka adana shafin, domin da shi za ka gwada abin da ya faɗa a waya da abin da takardunsa za su nuna ranar da ya zo.